Gargadar Jirgin Sama: Tambayoyin da Matafiya Ke Yawan Yi Mini a Katsina

Na yi shekaru ina aiki a cikin jirgi, ina tura keken abinci ina duba bel ɗin fasinjoji, kafin na dawo gida Katsina na kama sayar da tikiti. Abin da na lura shi ne, mutum zai gama cinikin tikiti tsaf, ya karɓi takardarsa, sai ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya rage murya ya ce, "Wai don Allah, gargadar nan da jirgi ke shiga..." Manyan 'yan kasuwa sun yi mini wannan tambayar, maniyyata daga Daura da Mashi da Mani sun yi mini ita. Ga waɗanda suka fi maimaituwa na tara wuri ɗaya, na sa musu lamba don a riƙa komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Wai mece ce gargada, kuma me ke kawo ta?

Iska ba fanko ba ce. Abu ce mai nauyi da ke gudana kamar ruwa, illa dai ido ba ya ganinta. Jirgi kuma a kanta yake kwance, yadda kwale-kwale ke kwance a kan ruwan madatsar Jibiya. In ruwa ya kwanta, kwale-kwale ya tafi sumul. In igiyar ruwa ta taso, ya ɗaga ya sauka tare da ita. Ba kwale-kwalen ne ya lalace ba, ruwan da ke ɗauke da shi ne ke motsi.

To haka iska take. Wani wuri tana hawa sama, kusa da shi tana gangarowa, can gaba tana murɗawa. Jirgin da ke tafiyar kilomita 850 a awa yana cin sama da mita 230 a sakan ɗaya, don haka yakan ratsa iska mai hawa da mai sauka a jere cikin ƙiftawar ido. Kowace ta ɗan tura fiffike sama ko ƙasa, kai kuma a kujera ka ji jijjiga. Wannan ita ce gargada. Abubuwan da ke hargitsa iskar kaɗan ne: zafin rana (amsa ta 4), hadari (amsa ta 5), sai kogunan iska na can sama da duwatsu da sawun wani jirgi (amsa ta 6).

2. Gaskiya ne akwai ramuka a sama da jirgi ke faɗawa?

Babu. Na san haka ake ji a jiki, ni ma kafin na fara aiki haka na ɗauka. Amma babu wani wuri a hanyar jirgi da iska ta ƙare aka bar rami. Abin da mutane ke kira rami, iska ce mai gangarowa jirgi ya shiga, ta sauko da shi kaɗan tare da ita. Fiffiken yana nan cikin iska, yana ɗauke da jirgin, ko a lokacin da cikinka ya ba da ƙululu.

3. To me ya sa nake jin kamar mun rikito daga sama nisa mai yawa?

Saboda jikin ɗan Adam ba shi da ma'aunin tsayi. Can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai ruwa a ciki, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana tsaye ko ka karkata. Abin da yake ji shi ne sauyin motsi kwatsam, ba ya iya gaya maka ko mita biyu ka sauka ko mita ɗari. A ƙasa ido ne ke gyara masa lissafi, ka ga bishiya, ka ga bango, ka gane ba wani abu ba ne. A cikin jirgi kuwa kujerar gabanka kawai kake gani, ita ma tare kuke motsi. Sai kunne ya yi ihu, ido ya rasa ta cewa, zuciya ta cike gurbin da mafi munin zato. A gargadar yau da kullum, 'yan mitoci ne jirgi ke hawa ko sauka, alhali yana sama da ƙasa da wajen kilomita 11.

Akwai wata tsohuwa 'yar Daura da ba na mantawa, a tafiyar Jidda. Tafiyarta ta farko ke nan. Da jirgi ya fara kaɗawa ta cafke hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, faɗi mani gaskiya, faɗuwa muke?" Na ce, "Hajiya, dubi kofin ruwan da ke gabanki." Ruwan rabin kofi ne, yana ɗan rawa yana lasar gefe, ko ɗigo bai zuba ba. Na ce, "Da a motar Daura zuwa Katsina aka ajiye kofin nan, direba ya taka gargadar hanya, da me ya rage a ciki?" Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ko kofin ma da ba a gan shi ba." Daga nan ta saki rigata, ta koma jan carbinta, idonta a kan kofin har muka fita daga wurin. Tun ranar nake ba mutane wannan dabarar: in jikinka ya ce an faɗo, tambayi ruwan kofi.

4. Me ya sa jirgin rana daga Katsina ya fi na safe girgiza, musamman da bazara?

Ka taɓa lura da shaho ko ungulu da tsakar rana, suna zagaye a sama suna ƙara nisa ba tare da sun kaɗa fiffike ba? Iska mai zafi suka hau. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sauƙi ta tashi sama kamar tururin tukunya. Kuma ba daidai ƙasa ke ɗaukar zafi ba. Kwalta da rufin kwano da faƙo sun fi fadama da lambu zafi, shi ya sa iskar ke tashi ginshiƙi-ginshiƙi, tsakaninsu kuma mai sanyi na gangarowa ta cike gurbi. 'Yar guguwar nan da ke kwasar leda da kara a fili cikin watan Afrilu, ƙanwar wannan abin ce da ido ya samu gani.

Jirgin da ya tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ƙarfe biyu na rana dole ya ratsa waɗannan ginshiƙan kafin ya haye samansu. Shi ya sa 'yan mintocin farko da na ƙarshe suka fi jijjiga, tsakiyar tafiya kuma ta yi luf. A gajeriyar tafiya irin ta Katsina zuwa Abuja, da ba ta wuce awa ɗaya, hawa da sauka sun cinye kaso mai yawa na lokacin, sai mutum ya ga kamar duk hanyar ce ba kyau. Da asuba ƙasa ta kwana ta huce, iska ta kwanta. Wannan irin gargada ita ce mafi yawa a wurinmu, kuma ita ce mafi ƙarancin abin damuwa.

Hazon hunturu kuwa, da wasu ke haɗa shi da wannan, matsalarsa daban ce. Ƙura ba ta girgiza jirgi, gani take hanawa. In aka soke jirgi a watan Janairu, yawanci don matuƙi ba zai hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya ba ne.

5. Hadarin damina fa? Jirgi na shiga cikinsa?

Nan ne kaɗai zan ce tsoro yana da tushe, kuma matuƙa ma suna girmama hadari. Baƙin hadarin nan da ke haɗowa daga gabas da la'asar, a taso da iska da ƙura kafin ruwa ya sauko, daga ƙasa kamar bango yake. Daga sama kuwa hasumiya ce. A ƙasashe masu zafi irin namu kansa na iya kai kilomita 15 ko fiye, wato ya zarce inda jiragen fasinja ke bi. A cikinsa iska na hawa da gudu a wani gefe, tana rikitowa a wani gefen, ga ƙanƙara ga walƙiya. Tunda ba a haye shi, sai a kewaye shi.

A hancin jirgi akwai na'urar rada. Tana aika sigina gaba, siginar ta bugi ɗigon ruwa da ke cikin gajimare ta dawo, sai abin ya fito wa matuƙi a allo da launuka: kore ruwa kaɗan, rawaya matsakaici, ja kuwa a kauce. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar tazarar mil 20 na teku, wajen kilomita 37, tsakanin jirgi da babban hadari, domin iskar da ke kewayensa ma a hargitse take. Idan ka ga jirgi yana karkata dama da hagu da damina, ko tafiyar awa ɗaya ta zama awa ɗaya da kwata, ba ɓata aka yi ba, kewaye ake. Jijjigar da kake ji a lokacin ta gefen hadari ce, ba ta cikinsa ba.

Radar tana da iyaka, kuma gara ka san ta. Ruwa take gani, ba iska ba. Gajimaren da yake kan tasowa da sauri daga ƙasan jirgi, wanda samansa ƙanƙara ce busasshiya, ba ya fitowa sosai a allo. Irin wannan ne kan ba da mamaki, kamar yadda za ka gani a amsa ta 10.

6. Sama tangaran, ko gajimare babu, amma jirgi ya hau rawa. Wannan kuma daga ina?

A tsayin da jirage ke bi, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, akwai kogunan iska. Siraran hanyoyi ne da iska ke gudu a cikinsu, sau da yawa fiye da kilomita 200 a awa, galibi daga yamma zuwa gabas. Tsakiyar kogin lafiya lau take, matuƙa ma nemanta suke in gabas suka nufa don ta tura su a rage mai. Matsalar a gaɓa take, inda iska mai gudu ke gogar mai tafiya a hankali. Duk wanda ya tsaya bakin gulbi da damina ya ga yadda ruwa ke murɗawa a inda mai ƙarfi ya haɗu da kwantacce. Abin da ke faruwa ke nan a sama, sai dai babu ɗigon ruwa da rada za ta gani. Ɗaya daga cikin waɗannan koguna yana ratsa arewacin Afirka da yankin Larabawa da sanyi, shi ya sa masu Umara a lokacin, ko masu zuwa Alƙahira da Turai, sukan gamu da ita.

Da yake ba a ganinta, da hasashe da labari ake kama ta. Kafin tashi ana ba matuƙi taswirar yanayi mai nuna inda ake zaton ta. A hanya kuma jirgin da ya riga ka yakan gaya wa masu kula da zirga-zirga cewa a tsayi kaza akwai gargada, su kuma su sanar da na baya. Sau da yawa shimfiɗar ba ta da kauri, hawa ko saukar ƙafa 2,000 ko 4,000 ya isa a fita daga cikinta.

Akwai ƙananan dalilai biyu. Iska in ta bugi duwatsu takan yi tsalle ta bar igiya a bayansu har can sama, kamar ruwa ya haye dutse a rafi, don haka kusa da tsaunukan Hijaz ko saman Jos ana iya jin kaɗawa. Sannan kowane jirgi yana barin murɗaɗɗiyar iska a bayan fikafikansa, babba ya fi barin mai ƙarfi. In aka ratsa sawun wani, bugu ɗaya ko biyu za ka ji, shi ke nan. Saboda wannan ne hasumiyar filin jirgi ke sa jirgi ya jira minti biyu ko uku a bakin titi bayan wani babba ya tashi.

7. Na leƙa taga na ga fiffike yana lanƙwasa sama da ƙasa. Ba zai karye ba?

Da gangan aka yi shi haka. Busasshen reshe ne iska ke karyawa, ɗanye sai dai ya rusuna ya miƙe. Kafin a yarda wani sabon samfurin jirgi ya ɗauki mutane, sai an ƙiyasta nauyi mafi girma da ake zaton fiffike zai gamu da shi a duk rayuwarsa, sannan a ɗora masa wannan nauyin da ƙarin rabinsa, ya jure. A 2010 kamfanin Boeing ya yi wa samfurin 787 wannan gwajin a masana'anta, aka ja fikafikan sama har bakinsu ya tashi wajen mita bakwai da rabi, ba su karye ba. Rawar da kake gani ta taga ba ta kama ƙafar wannan ba. Lanƙwasar ma taimakonka take yi, tana shanye wani ɓangare na bugun kafin ya iso kujerarka.

8. Muna shiga gargada sai na ji ƙarar inji ta ragu. Mutuwa ya yi?

A'a, matuƙi ne ya sassauta. Kowane samfurin jirgi yana da gudun da aka rubuta masa na ratsa gargada, ƙasa kaɗan da gudun tafiya. Dalilin bai wuce na direban da ke rage wuta in ya hango lalatacciyar hanya ba: in ka shiga a hankali bugun ya fi sauƙi. Wani lokaci kuma akasin haka za ka ji, inji ya ƙara ƙara, to ana hawa ne a nemi shimfiɗar iska mai laushi (duba amsa ta 6). Yawanci na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ce ke riƙe da jirgin a wannan lokacin, kuma ba a kokawa da iskar. Ana barin jirgi ya ɗan hau ya ɗan sauka, abin da ake kiyayewa shi ne fikafikai su zauna daidai, hanci kuma kada ya ɗaga ko ya dunƙura da yawa.

9. Ta yaya zan gane ko wadda muke ciki ƙarama ce ko babba?

Mataki huɗu ake kasa ta, kuma da abin da ke faruwa a cikin jirgi ake gane su, ba da bugun zuciyar fasinja ba. A ƙarama ruwan kofi na rawa, ana iya tafiya, ana ci gaba da raba abinci. A matsakaiciya kana jin bel na riƙe ka sosai, shayi na zuba, tafiya na wuya, mukan daina rabo mu mayar da keke. A mai tsanani duk abin da ba a ɗaure ba tashi yake, tafiya ba ta yiwuwa sam, mutumin da ba bel ya bar kujerarsa. Ta huɗu, wadda ta wuce misali, yawancin matuƙa har su yi ritaya ba su gan ta ba.

Kusan duk wanda ya zo ofis ya ce mini "ai jiya mun ga mutuwa", in na bi shi da tambaya, matsakaiciya ce. Nakan tambaya, wayarka da ke kan cinya ta tashi ta bugi rufi? In ya ce a'a, to ba mai tsanani ba ce. Kuma don ka ji an ce ma'aikata su zauna su ɗaura bel, ba alamar jirgi na cikin haɗari ba ne. Keken abinci cike yana da nauyin ƙaton mutum, ga butocin ruwan zafi a kai, mu kuma a tsaye muke. Ƙafafunmu da kawunanku ake karewa.

10. To jirgin Singapore da aka ce ya faɗo ƙafa 6,000 har wani ya rasu fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa tun 2024, kuma ta cancanci a bi ta dalla-dalla. Daren 20 ga Mayu 2024, jirgin Singapore Airlines mai lamba SQ321, ƙirar Boeing 777-300ER, ya taso daga Landan ɗauke da fasinja 211 da ma'aikata 18. Bayan wajen awa goma, ranar 21 ga Mayu, yana saman ƙasar Myanmar a tsayin ƙafa 37,000, ana cikin raba karin kumallo, ya bi ta saman wurin da hadari ke tasowa. Rahoton farko na masu bincike, wanda aka ciro daga na'urar naɗar bayanan jirgin, ya nuna cewa iska mai hawa ta fara ɗaga shi ƙafa ɗari uku da wani abu. Matuƙa suka kunna fitilar bel. Sakan takwas bayan haka abin ya auku.

Ana auna irin wannan da harafin G. In kana zaune lafiya, 1G ke kanka, wato nauyinka na yau da kullum. A jirgin nan, cikin ƙasa da sakan ɗaya, ma'aunin ya tashi daga +1.35G ya koma -1.5G. Alamar ragi na nufin ƙarfin ya juya, sama yake jan ka. Ɗauki mutum mai kilo 70: a wannan lokacin ƙarfin da ke fizgar shi zuwa rufi ya kai na kilo 105, buhun shinkafa biyu masu kilo hamsin-hamsin da ɗoriya. Babu hannun da zai riƙe kujera ya hana wannan, balle abin bai ba da lokacin kai hannu ba. Wanda ya ɗaura bel, bel ya riƙe shi. Wanda bai ɗaura ba ya tashi ya bugi rufi da ka. Cikin sakan huɗu ma'aunin ya sake juyawa zuwa +1.5G, waɗanda ke sama suka rikito kan kujeru da hannayen kujeru. Mutum sama da 100 suka ji rauni, wasu a ka da ƙashin baya, wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, ana zaton bugun zuciya ne.

Nawa jirgin ya sauka a wannan 'yan sakan? Ƙafa 178, wato mita 54, kamar a jera hasumiyar Gobarau uku da rabi, daga tsayin da ya haura kilomita 11. Ƙafa 6,000 da aka yi ta yaɗawa, matuƙa ne da kansu suka sauko da shi a tsanake daga 37,000 zuwa 31,000, mintoci bayan komai ya lafa, a hanyarsu ta karkata zuwa Bangkok don kai masu rauni asibiti. Jirgin ya sauka da ƙafafunsa, fikafikansa a jikinsa. Ka ga ke nan ko a wannan, da yana cikin mafi muni da aka gani a shekarun nan, ba nisan faɗowa ne ya yi ɓarna ba, saurin juyawar ne, kuma waɗanda ba su ɗaure ba ya fi samu.

11. Ka faɗa mini tsakani da Allah: gargada ta taɓa kayar da jirgi?

Ta taɓa, ba zan ɓoye ba. A watan Maris 1966 wani Boeing 707 na kamfanin BOAC ya wargaje a sama kusa da dutsen Fuji na Japan, bayan ya shiga muguwar iskar da ke bayan dutsen, mutum 124 suka rasu. Amma ka lura sai da na koma baya shekaru kusan sittin. Daga lokacin an sauya yadda ake ƙera jirage, an samu rada mai kyau, an san inda irin wannan iska ke kwana. Babban jirgin fasinja na zamani da gargadar can sama ta wargaza, abu ne da kusan ba a jin labarinsa.

Mu nan arewa abin da ke ran mutane shi ne jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da mutum sama da 90, Allah Ya jiƙansu. Wannan ba gargadar da muke magana ba ce. Jirgin ya tashi ne cikin hadari, iska ta sauya masa alkibla da ƙarfi kwatsam yana dab da ƙasa, inda gudunsa bai kankama ba kuma babu sararin gyara. A kilomita 11 mita hamsin ba komai ba ce, a bakin titi kuwa ita ce komai. Jiragen yanzu suna da na'urar gargaɗin wannan sauyin iska, ana kuma horar da matuƙa a kansa. Babbar kariya dai ita ce haƙuri. Don haka in hadari ya haɗo aka ce an jinkirta tashi, ko jirginku ya yi ta zagaye bai sauka ba, ko ya wuce Kano, ni dai ba na cikin masu tsaki. Na sha ganin fasinja na zagin ma'aikata a kan jinkirin da shi aka yi wa gata.

12. Su wa ke jin rauni, kuma me zan yi kada in shiga cikinsu?

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta duba shekarun 2009 zuwa 2018, ta gano cewa cikin waɗanda gargada ta yi wa mummunan rauni a jiragen ƙasar, kusan kashi 79 cikin ɗari ma'aikatan jirgi ne. Ba don sun fi kowa rashin sa'a ba, don su ne a tsaye. Saura kuma galibi masu hanyar bayi ne da waɗanda suka kwance bel. Saboda haka muddin kana zaune, bel ya kasance a ɗaure, ko fitila na kunne ko a kashe. Ka tuna sakan takwas na amsa ta 10. A ƙugu ake ɗaura shi, ƙasa da ciki, a ja shi har tafin hannu kaɗai ke iya shiga. Mai juna biyu ta sa shi ƙarƙashin cikin. In za ka yi barci ka lulluɓa, ɗaura shi a kan bargon ko babbar rigar, don kada mu tashe ka dubawa.

A jirgin alhazai inda muka fi shan wahala shi ne layin bayi. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, lokacin salla ya yi, dattawa goma sun miƙe za su yi alwala, fitila kuma ta kunnu. Na taɓa roƙon wani dattijo, "Baba, don girman Allah a zauna tukuna," ya ce mini shi da ya hau raƙumi ba wannan 'yar rawar ce za ta kayar da shi ba. Bai rufe baki ba jirgi ya yi ƙasa ya dawo, ya zube a kan gwiwa, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Da dingishi ya sauka Jidda, ga ɗawafi da sa'ayi na jiransa. Shawarata ita ce a yi alwala a filin jirgi kafin a hau, hukuncin salla a kujera kuma a tambayi malaman bita tun a gida. In gargada ta same ka a cikin bayi, kada ka fito da gudu, ka zauna ka kama ƙarfen da ke jikin bango har ta lafa.

Jariri kada a goya shi a baya a zauna. Jirage da yawa suna ba da ƙaramin bel da ake saƙalawa a na uwa, ki tambaya tun kafin a tashi. Shayi mai zafi kuma in an fara kaɗawa, a miƙa mana ko a ajiye shi ƙasa.

13. Akwai kujerar da ta fi sauƙi? Ko lokacin da ya fi?

Akwai. Jirgi kamar sanda yake da aka ɗora a kan yatsa, tsakiya ba ta cika motsi ba, bakin ne ke lilo. Kujerun da ke saitin fiffike sun fi natsuwa, gaba na biye, can baya wajen wutsiya ya fi ko'ina kaɗawa. Babban jirgi kuma ya fi ƙarami shanye bugu. Game da lokaci, in da zaɓi ɗauki jirgin safe, don zafin ƙasa bai taso ba (amsa ta 4), hadarin damina ma ya fi haɗowa daga la'asar zuwa dare (amsa ta 5). Amma duk wannan na jin daɗi ne kawai, ba wai kujerar baya ta fi haɗari ba.

14. An ce gargada ƙaruwa take saboda sauyin yanayi. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun fitar da nazari a 2023 da ya nuna cewa gargada mai tsanani ta sararin da ba gajimare, a saman arewacin tekun Atlantika, ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari tsakanin 1979 da 2020. Adadin na da ban tsoro sai ka ji asalinsa: daga wajen awa 17.7 a shekara zuwa awa 27.4, a shekarar da ke da awa 8,760. Kuma wannan hanyar Turai zuwa Amurka ce, inda kogin iska ya fi ƙarfi. Mai zuwa Abuja ko Legas daga Katsina, zafin rana da hadarin damina ne abokan tafiyarsa.

15. Na ji duk wannan, amma da an fara kaɗawa zuciyata sai ta tsinke, har amai ke taso mini. Ya zan yi?

Sani ba ya kashe tsoro nan take, don jiki ya riga hankali amsawa. Abin da na ga yana aiki shi ne kada ka sandare. Mai tsoro yakan ƙanƙame hannun kujera ya ɗaga kafaɗa, sai kowane bugu ya ratsa shi har ka. Ja bel ya kama ka, ka jingina kai da kujera, ka sa tafin ƙafa biyu a ƙasa, ka saki jiki ya bi motsin yadda mahayin doki ke bin dokinsa. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Mai zikiri ya daidaita shi da numfashin, na ga ya fi komai saurin kwantar da tsofaffi. Ka kuma duba agogo lokacin da ta fara. Yawanci za ka tarar abin da ka ɗauka rabin awa ne bai wuce minti biyar ko goma ba.

Tashin zuciya kuwa daga saɓanin kunne da ido yake (amsa ta 3). Ajiye waya da karatu, ka kalli can nesa ta taga in da rana ne, in da dare ne ka rufe ido kai a jingine. Buɗe 'yar ƙofar iskar da ke saman kanka ta huro maka fuska. Kada ka hau jirgi da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo, waina da miyar taushe a bari sai an sauka. Ɗan guntun citta a baki yana taimaka wa wasu. Akwai maganin amai na tafiya da ake sha kafin a tashi, amma yana sa barci, kuma mai hawan jini ko mai juna biyu ko mai shan wasu magunguna ya tambayi likita tukuna. Jakar amai tana aljihun kujerar gabanka, ka fito da ita tun kafin ka buƙata. Kuma tun wajen shiga ka gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikata cewa kana jin tsoron gargada. In akwai kujerar da ba kowa a saitin fiffike, sau da yawa bayan an tashi za a mayar da kai can.